Yadda za ka yi ciniki da baƙi ta yuzanem ba tare da sun ga lambar wayarka ba

A Gana lambar waya tana ɗauke da kaya masu nauyi. Ita ce asusun Momo ɗinka, kuma tun da aka fara rajistar sim da katin Gana a watan Oktoba na 2021, tana manne da cikakken sunanka na takarda. Wanda ya tsinci lambarka a ƙarƙashin wani bidiyo ba ya buƙatar wata ƙwarewa kafin ya san ko kai wane ne. Zai danna `*170#` kamar mai shirin tura maka kuɗi, ya sa lambar, sunanka ya fito a allo kafin a tambaye shi lambar sirri, sai ya soke. Ko fesuwa ɗaya bai kashe ba. Washegari sai ka ji kira, ana ambaton sunanka har da na mahaifinka, wai an yi kuskuren turo maka sidi ɗari biyu, don Allah ka taimaka ka mayar. Mata masu sayar da abaya da mayafi da turaren wuta a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi suna da ƙarin nasu ciwon kan: kiran tsakar dare daga mazan da ba kaya suke nema ba.

Maganin da ake yawan faɗa shi ne mutum ya yi yuzanem a Telegram ko Signal, ya riƙa bayar da shi a madadin lamba. Shawara ce mai kyau, amma rabin magana ce. Yin yuzanem ba ya ɓoye lambar kowa. Abin da yake yi kawai shi ne ya ba mutane wata hanya ta biyu ta isowa gare ka, ta farkon kuma tana nan a buɗe sai ka rufe ta da hannunka, a wani wuri daban cikin saitin manhajar. Kuma duka manhajojin biyu sai da lambar waya ake rajista, saboda haka kamfanin ya san lambarka. Baƙo ne kake hana wa gani. Shi ya sa a wannan jagorar za mu fara da kulle lambar, sannan mu zo kan sunan. Wanda ya juya tsarin, ya fara raba suna kafin ya kulle, duk wanda ya shigo a tsakanin yana iya ganin lambar, kuma abin da ido ya gani ba a karɓe shi.

Za mu bi misalin wata hajiya mai shagon abaya a Aboabo, wadda take tallata kayanta a TikTok, masu saye suna tuntuɓarta daga Tamale da Nima da Madina. Na zaɓi in daɗe a kan Telegram saboda shi ya fi yawa a wayoyin mutanenmu, kuma shi ne ya fi yawan ramuka.

Kulle lambar a Telegram

Buɗe `Settings`, ka shiga `Privacy and Security`, sannan `Phone Number`. Tambaya ta farko ita ce `Who can see my phone number`, wato wa ke iya ganin lambarka, kuma zaɓi uku ne: `Everybody`, `My Contacts`, `Nobody`. Yawancin wayoyi za ka tarar da su a kan na tsakiya, `My Contacts`, kuma mutum yakan duba ya ce ai wannan ya wadatar, tunda 'yan uwa da abokai ne kawai. Ga mai ciniki bai wadatar ba. Duk wanda ke cikin jerin lambobin wayarka, idan ka bar Telegram yana kwasar su, ya zama cikin waɗannan mutanen: mai okada da ka yi amfani da shi sau ɗaya, dillalin Kejetia, mai gyaran firij. Mafi muni, duk mai sayen da ya zo ta yuzanem, ranar da ka ajiye shi don kada ka manta odarsa, ya shiga sahun masu ganin lambar. Saboda haka zaɓi `Nobody`.

Da zarar ka zaɓa, tambaya ta biyu za ta fito a ƙasa, wadda ba ta nan a da: `Who can find me by my number`. Nan mutane da yawa suke wucewa ba su duba ba. Idan ka bar ta a `Everybody`, duk wanda ya ajiye lambarka a wayarsa, Telegram zai nuna masa asusunka, ya haɗa lambar da hotonka da sunanka. Wani zai ce to ai dama yana da lambar, me ya rage? Abin da ya rage shi ne haɗin. A ce wani mutum a unguwa yana zargin cewa shagon nan na intanet na matar maƙwabcinsa ne: sai ya ajiye lambarta ya ga ko asusun shagon zai fito. Ko kuma mai zamba ya zuba dubban lambobi masu farawa da `024` ko `055` a wayarsa ya ga waɗanne ne suka fito da fuska. Wannan ba hasashe ba ne. Telegram ya ƙara wannan tambayar ne a 2019, lokacin zanga-zangar Hong Kong, bayan an nuna cewa da irin wannan dabarar ana iya gano lambobin mutanen da ke cikin manyan guruf. Mayar da ita `My Contacts`, ka taɓa alamar amincewa a saman allo idan wayarka tana da ita, don in ka fita haka kawai wani lokaci canjin ba ya zama.

Kafin ka bar wannan shafin, gangara ƙasa zuwa `Exceptions`. Akwai jerin waɗanda aka ware, masu ganin lambar ko da ka ce `Nobody`. Buɗe shi ka karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya daɗe yana amfani da Telegram yakan sha mamaki a nan, domin zai ga sunayen da bai tuna ya taɓa sa su ba. Yadda suka shiga shi ne abin da za mu gani nan gaba kaɗan. Cire duk wanda ba ka so.

Zaɓen sunan

Yanzu koma `Settings` ka nemi `Username`. A wasu wayoyin sai ka fara taɓa `Edit` ko bayanan asusunka. Telegram yana karɓar haruffan boko daga a zuwa z, da lambobi, da layin ƙasa, kuma sunan ba zai gaza harafi 5 ba, ba zai wuce 32 ba. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ba sa shiga, sai ka rubuta su a miƙe. Idan wani ya riga ka, manhajar za ta faɗa maka nan take. Idan sunan ya samu, ka sami linki mai wannan siffar:

```
t.me/sunan_shagonka
```

Ƙa'idar haruffa ke nan, amma inda ake kuskure shi ne abin da aka zuba a cikin sunan. Na ga masu sa suna da shekarar haihuwa, na ga masu liƙa lambobi huɗun ƙarshe na wayarsu don sauƙin tunawa. Wanda ya yi haka ya kulle ƙofa ya bar makullin a jikinta. Hajiyar tamu ta sa sunan sana'a ne, abin da ya shafi abaya, ba sunanta ko na 'ya'yanta ba. Sannan a lura, a Telegram yuzanem na fili ne: duk wanda ya rubuta wani ɓangare na sunan a wurin bincike yana iya cin karo da kai, daga ko'ina a duniya. Ga mai talla wannan riba ce. Ga yarinyar da kawai take son shiga guruf ɗin makaranta ba tare da an ga lambarta ba, ba ta ma buƙatar yuzanem ɗin. Kulle lambar da muka yi a sama ya isa, kuma rashin sunan yana rage mata saƙonnin banza.

Duba kuma abin da ke kewaye da sunan. Sunan da ke fitowa a saman hira daban yake da yuzanem, kuma shi mutane suke gani kullum. Sa sunan shago a wurin. Karanta `Bio` ɗinka. Sai hoto. Hajiyar nan ta gama duk saitin lafiya, amma hoton asusunta na gaban shagonta ne, ga allon shagon a sama da lambobi biyu rubuce da jan fenti, ana karanta su tsaf in an buɗa hoton. Ɗan yayarta ne ya gani ya ce, «Gwaggo, ai ga lambar nan a kan allo.» Ta karɓi wayar ta matsar da ita kusa da ido, ta ce, «Kai, ɗan nan, to duk wahalar da muka sha fa?» Aka canza hoton zuwa na abaya a jikin hanga. Tsofaffin hotunan ma sai an goge, domin Telegram yana ajiye su a jere a bayan sabon, mai dubawa yana iya jan allo ya gan su.

Akwatin da ke fitar da lamba

Ga ramin da ya fi cin mutane, kuma a tsakiyar ciniki yake zuwa, lokacin da hankali yake kan kuɗi. Wata ta turo saƙo daga Tamale tana son abaya biyu. Hajiya tana son ta ajiye ta, sai ta taɓa `Add to Contacts`. Shafin da ya buɗe yana da wurin rubuta suna, a ƙasansa kuma akwai ɗan akwati, `Share My Phone Number`, wanda yakan zo da alama a cikinsa tun kafin ka taɓa. Idan ka danna amincewa ba ka cire alamar ba, ka ba wannan mutumin lambarka da hannunka, kuma sunansa ya tafi cikin jerin `Exceptions` ɗin nan. Haka sunayen da ba ka tuna ba suka taru. Dokar mai sauƙi ce: duk lokacin da za ka ajiye baƙo, cire alamar tukuna. In kuma ka riga ka yi, je ka cire shi daga jerin, amma ka sani in ya riga ya kwafi lambar, ta tafi.

Ni a ganina mai ciniki ba ya ma buƙatar ajiye masu saye a matsayin lambobi. `Chat Folders` ya fi dacewa: ka buɗe jaka ɗaya ta waɗanda suka biya, ɗaya ta masu jiran kaya, ka riƙa jefa hirarraki a ciki. Ba abin da yake fita ta nan.

Hanya ta biyu da lamba take fita ita ce bot, waɗannan asusun masu amsawa da kansu da ake turowa da sunan rabon data kyauta ko neman aiki a ƙasar waje. Wasu suna nuna maɓallin da ke neman ka raba lambarka kafin a ci gaba. Telegram zai tambaye ka ko ka yarda, kuma in ka ce e, saitin `Nobody` ba zai cece ka ba, tunda kai ka miƙa.

Akwai ƙananan saiti biyu a `Privacy and Security` da ya kamata a taɓa tun ana wurin. A ƙarƙashin `Calls` akwai `Peer-to-Peer`. Mayar da shi `Nobody`, don kiran ya bi ta na'urorin Telegram, kada wanda kuke magana da shi ya sami adireshin intanet ɗinka, wanda ke iya nuna gari da kamfanin layinka. Murya tana iya ɗan raguwa, ba wani abu ba ne. Sai wurin da ake zaɓar masu iya jefa ka cikin guruf, wanda sunansa yake `Invites` ko `Groups & Channels` gwargwadon sabuntar manhajar. Mayar da shi `My Contacts`.

Idan Signal ne

Signal ya kawo yuzanem a farkon 2024, kuma tsarinsa ya sha bamban. Je `Settings`, `Privacy`, `Phone Number`. Tambayoyin biyu ne a nan ma, `Who can see my number` da `Who can find me by number`, amma kowace zaɓi biyu ne kacal, `Everyone` ko `Nobody`. Ta farkon tana zuwa a kan `Nobody` tun asali, wanda ya rage aiki. Sai dai wanda ya riga ya ajiye lambarka a wayarsa zai ci gaba da ganinta a hirarku. Ta biyun kuwa tana zuwa a buɗe, kai za ka rufe.

Ka yi tunani kafin ka rufe ta, domin a Signal babu matsakaicin zaɓi irin na Telegram. In ka ce `Nobody`, ko ƙaninka da ke Sabon Zango a Ankara, mai lambarka tun shekaru, in ya sauke Signal yau ba zai ga kana ciki ba, ba kuma zai iya fara hira da kai ta lamba ba sai ka aika masa da sunan. Hirarrakin da kake da su a da suna nan yadda suke. Ga wadda ake bibiya, ko wanda yake karɓar ƙorafin jama'a a kan wani mai ƙarfi, wannan tsadar ta cancanta. Ga mai son dangi su same shi cikin sauƙi, ya auna.

Don yin sunan, taɓa hotonka a `Settings` ka zaɓi `Username`. Harafi 3 zuwa 32, kuma dole ya ƙare da ɗigo da aƙalla lambobi biyu:

```
abaya.47
```

Manhajar ce take ba ka lambobin, kana kuma iya canza su. Amfaninsu shi ne mutane da yawa su iya riƙe suna iri ɗaya, kuma ya yi wuya a cinka. A Signal babu kundin da ake bincika mutane: sai wanda ya rubuta sunan daidai, har da lambobin, a `Find by Username`. In ka faɗa wa mutum sunan a baki a cikin hayaniyar kasuwa ya manta lambobin biyu, ba zai same ka ba, ko ya faɗa wa wani daban. Gara ka nuna masa `QR Code` ɗinka ya ɗauka da kyamara, ko ka tura masa linkin. Linkin Signal ba ya ɗauke da sunan a rubuce, kuma akwai `Reset` da ke kashe tsohon linki ya ba ka sabo ba tare da ka canza suna ba. Wannan yana da amfani ranar da linkin ya faɗa guruf ɗin da ba ka so.

Saƙon baƙo yana zuwa ne a matsayin neman izini, ka karɓa ko ka goge ko ka toshe. Bayan ka karɓa, abin da yake gani shi ne sunan da ka sa a bayananka da hotonka, saboda haka gargaɗin allon shago yana aiki a nan ma.

To wanne za a ɗauka? Ga talla, Telegram, saboda masu saye sun fi samuwa a can kuma linkin yana karantuwa a baki. Ga maganar da ba a son kowa ya ji, Signal, domin duk hirarsa a rufe take daga waya zuwa waya, alhali a Telegram sai wadda aka buɗe da `Secret Chat` take haka. Kuma kada kowa ya ɗauka yuzanem yana ɓoye shi daga hukuma. Tun Satumba 2024 Telegram ya bayyana a ƙa'idojinsa cewa yana iya miƙa lambar waya da adireshin intanet na wanda ake zargi da laifi in buƙatar shari'a ta zo bisa ƙa'ida.

Gwaji da wayar wani

Daga wayarka ba za ka taɓa ganin abin da baƙo yake gani ba, don kai kullum lambarka tana nuna maka. Nemi wayar wanda ba shi da lambarka, kai ma ba ka da tasa. Wannan sharaɗin shi ne gwajin gaba ɗaya: in ka ari wayar matarka ko yaron shagonka, za ka ga lambar ka ɗauka saitin bai yi ba, alhali daga jerin lambobinsu take fitowa.

Da farko nemi yuzanem ɗin a wayar, ka buɗe bayanan asusun. Ya kamata ka ga suna da hoto, ba lamba. Tura saƙo, ka amsa daga taka wayar, ka sake dubawa, domin a tabbatar amsawa ba ta buɗe komai ba. Sannan gwaji na biyu, wanda aka fi mantawa, kuma ya fi kyau a yi shi da wata wayar da ba ku taɓa hira ba: ajiye lambarka a cikinta, ka buɗe manhajar ka jira kaɗan. In asusunka ya fito cikin jerin mutanen da ke kan manhajar, tambaya ta biyu ba ta kullu ba, koma ka gyara. In bai fito ba, ko an nuna a gayyace ka kamar ba ka ciki, aiki ya yi. Goge lambar daga wayar mutane kafin ka mayar musu.

Ranar biyan kuɗi

Duk wannan yana tafiya daidai har zuwa lokacin da mai saye ta ce, «Hajiya, turo lambar Momo.» A nan yawanci ake rushe abin da aka gina, domin lambar da aka ɓoye ita ce dai asusun kuɗin. Babu saitin Telegram ko Signal da zai gyara wannan. A wajen manhajar ake warware shi.

Hanyar da ta fi tsafta ita ce asusun ɗan kasuwa. Kamfanonin layi suna buɗe wa masu sana'a irin wannan asusun, a MTN ana kiransa MoMoPay, inda mai saye yake biya da lambar shaidar shago maimakon lambar waya, sunan shagon kuma ya fito masa. Sai ka je ofishinsu da katin Gana ka tambayi takardun da suke nema. Idan ya samu, kada ka ɗauka komai ya ɓoyu: karɓi wayar wani ka biya kanka sidi ɗaya, ka karanta saƙon shaidar biya da ya zo masa harafi da harafi, ka ga ainihin abin da mai saye zai gani.

Hanya ta biyu ita ce sim na biyu na ciniki kawai. Sunanka zai fito a kansa tunda da katinka aka yi rajista, amma ba shi ne layin da iyali suke kira ba, ba shi ke haɗe da banki ba, ana iya kashe shi bayan isha'i, kuma ba a barin kuɗi su kwana da yawa a ciki. Hajiyar tamu wannan ta ɗauka. Tana ba da lambar ne kawai bayan an gama ciniki an tsayar da farashi, ga mutum ɗaya, ba a ƙarƙashin bidiyo ba. Masu tambayar farashi su wuce, waɗanda su ne mafi yawa, ba sa kaiwa ga lambar ko kaɗan. Wannan layin ne kuma ake rubutawa da maka a jikin ƙunshin kaya idan za a kai tashar Asafo a sa a motar Ankara, shi ake ba mai okada.

Wani zai tambaya, in dai akwai sim na biyu, me zai hana a yi rajistar Telegram ɗin da shi tun farko? Babu abin da ya hana, ya ma fi. Wanda ya riga ya yi da babban layinsa yana iya komawa ta `Change Number`, hirarrakinsa ba za su ɓata ba. Signal ma yana da irin wannan a ƙarƙashin `Account`. Sharaɗi ɗaya ne: kada a bar sim ɗin ya mutu. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani yana karɓewa ya sayar wa wani, kuma sabon mai shi ne zai riƙa samun lambar shiga ta tes. Saboda haka kunna `Two-Step Verification` a Telegram, ka sa kalmar sirri da imel na farfaɗowa. A Signal ka sa `PIN` ka kunna `Registration Lock`, amma ka san cewa wannan kullen yana sakin jiki in asusun ya yi kwana 7 ba a taɓa shi ba. Lambar shiga da ake turowa kuwa ba a karanta wa kowa, ko da mai kiran ya ce daga kamfanin yake.

Lambar da ta riga ta fita, da canza suna

Kulle na yau ba ya komawa baya. Bi tsofaffin bidiyo da rubuce-rubucen talla ka cire lambar ka sa linkin a madadinta. Duba musamman linkin WhatsApp mai farawa da `wa.me/233`, domin abin da ke biye da shi lambarka ce a fili, ko da an lulluɓe ta da maɓalli mai kyau. Guruf ɗin WhatsApp na 'yan kasuwa ko na biki da ka daɗe a ciki, ka ɗauka duk wanda ke ciki ya riga ya sami lambar. Idan sunanka yana fitowa a Truecaller, suna da shafin cire lamba daga kundinsu. In kuma abin ya kai ga barazana ko zamba, Hukumar Tsaron Intanet ta Gana tana karɓar rahoto ta kira ko tes a 292. Ɗauki hoton allon saƙonnin kafin ka toshe mutumin.

Game da canza yuzanem, mai ciniki ya yi hattara. A duka manhajojin, sunan da ka saki yana iya komawa hannun wani. In hajiya ta buga `t.me` ɗinta a ledojin shago da katunan talla, sannan ta canza suna saboda wani mai damu guda ɗaya, wani yana iya ɗaukar tsohon sunan, ya sa hoton abaya, ya riƙa karɓar kuɗin masu bin tsohon linki. Kuma canjin ba ya korar mai damun, tunda hirar da ya riga ya buɗe tana nan. `Block` ne maganinsa. Idan canjin ya zama dole a Telegram, buɗe `Channel` na fili nan take ka ba shi tsohon sunan, ka rubuta saƙo ɗaya a ciki mai nuna sabon, don sunan ya ci gaba da zama a hannunka. A Signal canza suna yana kashe tsohon linki da `QR Code` tare, saboda haka duk abin da aka buga a takarda sai an sake bugawa.